Yadda ake tsara tambayoyin jarrabawar baka

"Ɗalibaina ƙarfinsu bai zo ɗaya ba. Yaya zan tsara tambayoyin jarrabawar baka?"

Malama, riƙe batu guda, ki riƙa ƙara masa nauyi. Fara da: "Me kake yi da safe?" Sannan: "Jiya fa, me ka yi?" Nan za ki ji ko ya iya shuɗaɗɗen lokaci. Sai ki nemi dalili: "Me ya sa ka fi son safiya?" Ta ƙarshe: "Da a ce ka makara, da me za ka yi?"

Idan ya kakare, sauya lafazin tambayar sau ɗaya. In ya sake cijewa, iyakarsa ke nan, ki dawo da shi mai sauƙi. Guji tambayar da "e" ko "a'a" ke amsawa, domin ba ta nuna komai. Wanda ya yi hadda kuwa, tambayar "me ya sa" ce ke tona shi.