Fam miliyan ɗaya da rabi a League Two: ina zan sa kuɗin?

Tambaya: "'Yan'uwa, na ɗauki ƙaramin kulob na League Two a Career Mode na EA Sports FC, kuɗin cinikin 'yan wasa fam miliyan ɗaya da rabi ne kacal. Wane ɗan gaba zan saya da zai hau da ni?"

Ɗan'uwa, in za ka ji tawa, kada ka sayi ɗan gaban nan tukuna. Na taɓa yin haka, na kuma ji a jikina. Na zuba fam miliyan ɗaya a kan mutum guda mai shekara 29, albashinsa fam 6,000 a mako. Ban yi lissafin cewa 6,000 sau mako 52 fam 312,000 ne a shekara ba. Ya ci ƙwallaye kam, amma a Nuwamba ya ji rauni, League Two kuwa wasa 46 ake yi, sau da yawa biyu a mako. Na waiwaya benci ba kowa, aljihu ba komai. Da kakar ta ƙare darajarsa ta faɗi saboda shekaru, ko kuɗina ban mayar ba.

Da na sake farawa, Youth Academy na nufa. Mai farautar yara yana da taurari iri biyu, Experience da Judgement. Na farko shi ke ƙara yawan yaran da zai kawo maka duk wata, na biyu kuma shi ke gyara ingancinsu. In kuɗi bai kai ka ɗauki mai biyar da biyar ba, fifita Judgement. Gara yara uku da ɗaya zai zama wani abu da goma da duk za ka sallama. Mai farauta guda ɗaya na ɗauka, na tura shi ƙasa ɗaya na wata tara.

Wajen karanta rahoton ne mutane ke ruɗewa. Za ka ga Potential na yaro an rubuta, misali, 62 zuwa 94, ido ya tafi kan 94 ɗin. Lambar ƙasa ita ce abin kallo. Wanda aka rubuta wa 78 zuwa 90 ya fi wancan nesa ba kusa ba, domin Potential ɗin da zai fara da shi ba zai gaza 78 ba. Tazarar tana matsewa in ka bar yaron a rahoto wata ɗaya ko biyu, sai dai wani kulob na iya riga ka, don haka in lambar ƙasa ta yi kyau ka ɗauke shi nan take. Ka kuma duba darajar kuɗinsa: yaron da ya ninka 'yan'uwansa a farashi yawanci Overall ɗinsa ya fi nasu. Bayan ka ɗaga shi zuwa babbar tawaga, duba rubutun da ke shafinsa. Showing Great Potential na nufin 80 zuwa 85, An Exciting Prospect 86 zuwa 90, Has Potential to be Special kuma 91 zuwa sama.

Sai dai yaro ba ya girma a benci. Tun FIFA 20 Potential ya daina zama a wuri ɗaya, yana hawa ko sauka gwargwadon wasannin da yaro ya buga da yadda ya taka. Na taɓa ajiye wani ɗan tsakiya ina jiran "ya nuna", sai na tarar rubutun shafinsa ya sauka mataki guda. Yanzu yara biyu ko uku nake sakawa cikin sha ɗayan farko, sauran in ba da su aro inda za su riƙa bugawa.

Kafin su taso, wa zai riƙe maka kakar farko? Free Agents. Ba kuɗin saye, albashi ne kawai da ɗan kuɗin sa hannu. Na kwaso huɗu: mai tsaron gida, 'yan baya biyu na tsakiya da ɗan tsakiya mai tare gida, kowanne bai wuce fam 1,500 a mako ba. Su huɗun albashinsu daidai da na ɗan gaban can ne. Ɗan gaba kuwa aro na karɓo daga babban kulob, matashi mai gudu, muka raba albashinsa. A wannan matakin 'yan baya ba su da sauri, Pace mai kyau ya ishe ka cin ƙwallo ko da Overall bai kai 65 ba.

A kaka ta biyu, wani ɗan gefe da na ɗaga yana 61 ya kai 70, aka taya shi miliyan uku. Zuciya ta so riƙewa, amma na shiga ciniki na kai shi miliyan huɗu, na kuma sa Sell-on Clause na kashi 15 cikin ɗari, wato in suka sayar da shi gaba ina da rabo. Da kuɗin na ƙara mai farauta na biyu, sannan na sayi ɗan gaba nawa na kaina, mai shekara 21, kwantiragin shekara huɗu.