Filta mai kwalba uku da haƙoran 'ya'yan Alhaji

*Maigida, wani Alhaji a nan Marwa ya kira ni in sa masa filta a kan ruwan foraj ɗin gidansa. Ya ce haƙoran 'ya'yansa sun yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa, likita kuma ya ce daga ruwan sha ne. Na ga mai kwalba uku a kasuwa, mai shago ya ce tana tace komai. In sayo masa ita?*

Ɗana, dakata da sayen nan, kada ka taɓa kuɗin Alhaji tukuna. Ka koma shagon ka ce a kwance maka kwalaben ukun ka ga abin da ke ciki. Na san abin da za ka tarar: ta farko wani farin abu ne kamar audugar da aka matse, sauran biyun gawayi. In haka ne, wannan filta ba za ta yi wa yaran komai ba, kuma ina so ka fahimci dalili da kanka, don gobe wani gidan za a kira ka, da wani ruwan daban.

Gobe da safe in an kawo shayi, ka lura da 'yar rariyar da ake tace shi. Tana tare ganye, ko ƙwara ɗaya ba ta wucewa. Sikarin da aka dama fa? Ko sau goma ka tace, zaƙin yana nan, domin ya narke ya zama ɗaya da ruwan. Dattin ruwan sha ma haka yake, iri uku. Akwai wanda ke yawo a ciki ana ganinsa, kamar yashi da laka da tsatsar bututu. Akwai mai rai wanda ido ba ya gani, ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da zawo. Sannan akwai wanda ya narke kamar sikarin nan. Kowace filta da irin nata, kuma in ba ka san wanne ke damun gida ba, caca kake da kuɗin mutane.

Farar kwalbar nan rariya ce kawai. Za ka ga an rubuta lamba a jikinta, 20 ko 5 ko 1, girman ƙofofinta ke nan a ma'aunin mikiron. Kaurin silin gashin kanka ya kai mikiron 70. Ƙwayar kwalara kuwa kaurinta wajen rabin mikiron ne, don haka ƙofar mikiron 5 gare ta kamar ƙofar zaure ce ga kaza. Aikin wannan kwalba ta tare yashi da laka don ta kare na'urorin da ke bayanta. Gawayi shi kuma ba tacewa yake ba, kamawa yake: wari, ɗanɗano mara daɗi, kulorin da ake zubawa a ruwan famfon gari, da wani kaso na maganin ƙwari irin na gonakin auduga, duk suna manne masa. Gidan da ke shan famfon gari suna kukan warin jabel, mai kwalba ukun nan ta ishe su, sa musu ita ka karɓi ladanka da zuciya ɗaya. Amma gawayin ba ya kashe ƙwayar cuta. In ma ya daɗe ba a canja ba, su ƙwayoyin kan mai da shi gida su hayayyafa a ciki.

Abin da likita yake nufi kuwa, fulorayid ne, kuma shi na ukun ne, narkakke. Ba shi da launi, ba shi da wari, harshe ba ya jin sa. Daga dutse yake fitowa: ruwan da ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa yana lasar duwatsu irin na tsaunukan Mandara, sai ya ɗauko shi. An san kwarin Mayo Canaga da wannan, musamman wajajen Meri, inda za ka ga yaro ya yi murmushi haƙoransa kamar na tsoho mai cin goro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka miligiram 1.5 a lita guda. In ya haura haka, yaron da haƙoransa ke haɗuwa a cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, shi ne ke ɗaukar tabon. In ya yi yawa ƙwarai aka sha shekara da shekaru, har ƙashi da gaɓoɓi yake taɓawa. Ka kuma ja kunnen matan gidan: tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma fulorayid ba ya bin tururi. Ruwa ne ke raguwa a tukunya, shi yana nan, sai ma ƙara kauri.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin nan, shi ya sa nake maka magana da zafi. Ina sabon buɗe shago, wata baiwar Allah mai 'ya'ya ƙanana ta zo da irin wannan kuka. Na sa mata bokiti biyu mai buji na yumɓu, wanda nake alfahari da shi, domin ƙofofinsa ba su kai mikiron guda ba, yana tare mafi yawan ƙwayoyin zawo da kwalara. Ruwa ya fito garau, ta yi ta sa mini albarka. Bayan 'yan shekaru na haɗu da ita, autanta ya fara famfara, sababbin haƙoran sun fito da tabo irin na yayyensa. Ba ta zarge ni ba, amma na kwana ina juyi. Bujin ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Ni ne na kai mata maganin ciwon da ba shi ke damunta ba, na kuma sa hankalinta ya kwanta ta daina neman mafita.

To, matakin farko a gidan Alhaji gwaji ne. Ka kunna famfon foraj ya zuba na 'yan mintoci, ka ɗauraye gorar roba mai tsabta da ruwan sau uku, ka cika, ka rubuta kwanan wata, a kai ɗakin gwajin ruwa. Ka ce a auna fulorayid, a auna nitirat, a kuma duba ƙwayoyin cuta. Nitirat ɗin don masai ne: gidajenmu a matse suke, sau da yawa rijiya da masai taku kaɗan ne tsakaninsu, shi ma narkakke ne, iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma jarirai yake wa illa. Kada ka yarda da ɗan alƙalamin nan mai batir da aka rubuta wa TDS a wannan mataki. Jimillar gishirin da ya narke yake faɗa maka, ba ya bambance wane da wane. Zai iya nuna 300, lamba mai kyau, alhali cikin ɗari ukun nan akwai miligiram 4 na fulorayid da ya ɓace a cikin taro.

A ce takarda ta dawo da 4 ɗin. Na'urar gida da ke cire narkakken abu ita ce mai osmos, wadda za ka ga an rubuta RO a kwalinta. A ido tana kama da ta kasuwar, da farar kwalba da gawayi, amma a samansu akwai wani dogon gwangwani a kwance, da tantani naɗe a ciki. Shi ne mai aikin. Ana tura ruwa da ƙarfi ta jikinsa, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Mai lafiya yana cire kusan kashi 90 cikin ɗari, wato 4 ta koma wajen 0.4, ƙasa da iyaka sosai. Kwalaben gaba masu gadinsa ne: laka tana toshe shi, kulorin kuma yana cinye shi.

Kada ka haɗa ta da babban bututun gida. Wanka da wanki da alwala ba sa kawo tabon haƙori, abin da ya shiga ciki ne. In mutum 12 ne a gidan, ka ba kowa lita 5 na sha da girki, lita 60 ke nan a yini, bidon uku masu cin ashirin-ashirin. Tantanin da aka rubuta wa 75 GPD yana ba da wajen lita 280 a yini in komai ya cika, ko da rabi ya bayar ya ishe su. Famfo guda a madafa, daga nan a cika randar sha da tukunyar tuwo da ta kunun yara.

Inda yara irinku suka fi faɗuwa shi ne ƙarfin ruwa. Tantanin yana son wajen bar 3. Tudun mita 10 ke ba da bar guda, to tankin Alhaji da ke kan ƙafar mita 4 ko rabin bar bai kai ba. In ka haɗa haka, ɗigo-ɗigo za ka samu, ruwan kuma ba zai tacu yadda ya kamata ba. Ka sayo wadda ta zo da ɗan injin turawa, ka kuma tambaya ko gidan na da sola, tunda wuta ba kullum ba ce. Sai ka faɗa masa tun kafin ya biya cewa a kan kowace lita ta sha, wajen lita uku na fita ta siririn tiyon baya ɗauke da gishirin. A lita 60, kusan 180 ke nan. A Marwa, cikin bazara, ba a zubar da ruwa haka a kwata. Ka kai tiyon cikin duro a yi wanki da shara da shi, ka sa wa duron alama don kada yaro ya tsoma moɗa. Kada kuma wani ya toshe tiyon da sunan tattali, tantanin zai cushe ya mutu.

A nan alƙalamin TDS yake da amfani. Ranar da ka gama haɗawa, ka bar ruwan farko ya zube, sannan ka auna na shiga da na fita, ka rubuta a jikin bango. In na shiga 300 ne, na fita ya zama 30 ko ƙasa. Duk wata uku ka leƙo ka auna. Ranar da ka ga ya doshi 60, tantani ya fara sakin gishiri, fulorayid ma yana wucewa, a canja shi. Farar kwalba da gawayi kuwa duk wata shida, ko da zarar farar ta koma ja.

In Alhaji ya ga kuɗin sun yi nauyi, akwai gawayin ƙashin shanu, wanda ya bambanta da gawayin kwalba, yana kama fulorayid ba tare da wuta ba. Matsalarsa, in ya ƙoshi ba ya nuna alama, sai an riƙa maimaita gwaji. Wani lokaci ma abin da ya fi sauƙi a gwada famfon gari ko rijiyar maƙwabta, in nasu ya yi ƙasa da 1.5 a riƙa ɗebo bidon ukun daga can, a bar foraj ga wanka.

Abu guda kuma ka faɗa masa a gaban uwar yaran, da ladabi amma kada ka ɓoye: tabon da ya riga ya hau haƙori ba filtar da za ta goge shi, wannan sai likitan haƙori. Aikinka don na goye ne da masu rarrafe, waɗanda haƙoransu na dindindin ba su gama haɗuwa ba. In takardar gwajin ta fito, kawo mini ita shago mu duba tare kafin ka je kasuwa.