Na daina sigari na koma, yanzu maiɗakina ba ta yarda da ni

Hajiya, assalamu alaikum. Ni direban tasi ne a Kaduna, kuma na daɗe ina shan sigari. A watan azumin bara na daina gaba ɗaya, maiɗakina ta yi murna har ta faɗa wa 'yan'uwanta. Da yake bakina ya saba da wani abu, sai na ƙara cin goro da shan kofi a wajen mai shayi, amma barci ya ƙaurace mini, gabana yana faɗuwa, ga saurin fushi da fasinjoji. Wata rana muna zaune a layi ana jiran lodi, wani abokin aiki ya miƙo mini kara ɗaya, daga nan na koma. Yanzu na samo dabara: na daina sayen kwali, sai kara-kara, kuma ina ragewa. Amma ita ko kallo ban ishe ta ba. Idan na ce ina ƙoƙari sai ta ce ta taɓa jin haka. Ni ne nake yini a rana ina neman abin da za a ci, amma ba ta ganin ƙoƙarina, wannan rashin yardar shi ne yake cina.

Direba, daga Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Ba al'adata ba ce in ɗauki ɓangare tsakanin miji da mata, amma matar da ta yi shelar alherinka a cikin danginta, sannan ta ji warin hayaƙi a rigarka, tana da hujjar yin shiru har sai ta gani a ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar goro da kofi, wadda ka ambata ka wuce. Dukansu suna ɗauke da sinadarin kafeyin, mai hana barci. Hayaƙin sigari yana sa hanta ta riƙa fitar da wannan sinadari daga jiki da sauri, to idan mutum ya daina, hantar tana komawa aikinta na asali cikin 'yan kwanaki, sai kofin da ya saba sha ya yi masa ƙarfi kusan ninki biyu. Kai kuwa maimakon ka rage, ƙarawa ka yi. Rashin nikotin yana kawo nasa fushin da rashin barcin, amma yakan yi tsanani ne a kwana 2 zuwa 3 na farko, ya lafa cikin mako 2 zuwa 4. Idan faɗuwar gaba ta ci gaba bayan haka, musamman jim kaɗan bayan ka tashi daga teburin mai shayi, goron da kofin za ka fara tuhuma. A wannan karon ka rage su da rabi, kuma kada ka taɓa su bayan la'asar.

Dabarar kara-kara kuwa ba ta burge ni ba, domin mai ragewa yakan zuƙi hayaƙin da ƙarfi ya cike giɓin ba tare da ya sani ba, kuma tana kai ka gaban mai tebur sau da yawa a yini. Ragewa tana da amfani ne kawai idan akwai ranar da aka tsayar ta dainawa. Ka zaɓi rana cikin mako biyu masu zuwa, ka je wurin likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna ka tambayi cingam ɗin nikotin, musamman idan kana da ciwon zuciya ko kana shan wani magani. Wanda yake kunna sigari cikin minti 30 da tashi daga barci akan ba shi mai miligiram 4, saura kuma mai miligiram 2. Ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara: za ka tauna a hankali har ka ji ɗan yaji, ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya gushe ka sake taunawa, har kusan rabin awa. Kada ka sha kofi ko lemo minti 15 kafin ka saka shi, domin suna hana shi shiga jiki.

Saura zaman layi, inda aka kayar da kai. Ƙwaɗayin sigari yana tasowa ne ya sauka cikin 'yan mintuna, saboda haka idan ya taso ka bar bencin masu busawa, ka je ka goge gilashi ko ka duba ruwan lagireto, ashana kuma ta bar aljihun motarka. Abokan aiki da ke karanta wannan shafi, ku ji tsoron Allah: wanda kuka san ya daina, miƙa masa kara ba zumunci ba ne.

Maiɗakinka kuma kada ka sake yi mata alkawari. Ka faɗa mata ranar da ka tsayar, sannan kowane dare ka damƙa mata kuɗin da da za su tafi wajen sayen sigari, ta riƙa ajiyewa.