Dila, 'yan sari, ko in kai da kaina?

"Ina yin sabulun wanki a Kano, ina so ya kai ga masu shaguna a Gashuwa da Nguru. In nemi dila, ko 'yan sari, ko in riƙa kai wa da kaina?"

Malam, fara da lissafin mota. A ce ribarka a katan ɗaya naira 1,500 ce, zuwa da dawowa kuma ya ci 150,000 tsakanin mai, direba da 'yan lodi. Sai ka sayar da katan 100 kafin ka mai da kuɗin hanya kawai. Masu shaguna kuwa katan biyu ko uku suke ɗauka, wasu ma su ce sai an sayar za su biya. Wa zai koma Gashuwa karɓar bashin katan biyu?

Ni dai da 'yan sari zan fara. Da yawa daga cikin 'yan kasuwar can suna zuwa Kasuwar Singa ta Kano da kansu su yi lodi, kuɗin mota a wuyansu. Ka rage musu kamar 500 a katan, su biya nan take. Illarsu ita ce ba ruwansu da tallar kayanka; in wani sabulun ya fi riba, gobe shi za su ɗauka.

Dila sai kaya ya karɓu. Zai nemi ka bar masa yankin shi kaɗai, ya nemi kaya bashi. Kada ka yarda sai kun rubuta adadin da zai ɗauka duk wata. Kuma ka tura yaro ranar kasuwa ya duba shaguna: in dila ya ɗauki kaya amma ba a gani a kantar shaguna, yana jibge a sito, ko ya karyar da shi a Kano.