Ku fassara gargaɗin, ku bar umarnin yadda yake

Tambaya: Malam, ina koyar da kwamfuta a Zariya. Na ɗauki hoton baƙin allon umarni na Ubuntu, na mayar da komai Hausa, har `[Y/n]` na sa `[E/a]`, wato e ko a'a. Ɗalibaina sun bi, abin ya ƙi. Ina kuskuren?

Amsa: Malam, niyyarka mai kyau ce, amma ka taɓa wurin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ga irin abin da allon yake nunawa idan mutum zai cire manhajar VLC:

```
$ sudo apt remove vlc
The following packages will be REMOVED:
  vlc
Do you want to continue? [Y/n]
```

Layin farko maganar mutum ce ga na'ura, don haka ba a canza ko harafi ɗaya a cikinsa, domin `apt` bai san "cire" ba, `remove` kawai ya sani. Aikinka shi ne ka rubuta a gefe cewa `sudo` neman ikon mai kula da na'ura ne, `apt` shi ne mai saka manhajoji da cire su, `vlc` kuma sunan manhajar ne. Ka ƙara da cewa alamar `$` ba a buga ta, tana nuna cewa na'ura tana jiran umarni ne kawai.

Sauran layukan maganar na'ura ce ga mutum, kuma su ne suke buƙatar Hausa: "Za a CIRE waɗannan manhajoji", sannan "Kana so a ci gaba?" Manyan baƙaƙen `REMOVED` ba ado ba ne, ka riƙe su a fassararka, ka kuma umarci ɗalibai su karanta jerin sunayen da ke ƙasa tun daga farko har ƙarshe, domin wani lokaci cire abu ɗaya yakan jawo a cire wasu da suka dogara da shi.

To, `[Y/n]` fa? Ko da yake yana cikin maganar na'ura, abu ne da za a buga, saboda haka hukuncinsa hukuncin umarni ne. Ɗalibin da ya buga `e`, `apt` zai ɗauka bai amince ba, ya rubuta masa `Abort.` ya tsaya, kuma wannan shi ne abin da ya sami ajinka. Abin da ya fi damuna ma shi ne girman harafin, wanda masu fassara da yawa suke wucewa ba su lura ba. Babban harafi shi ne zaɓin da na'ura za ta ɗauka idan aka danna `Enter` ba a rubuta komai ba. A `[Y/n]` danna `Enter` kaɗai amincewa ce, a `[y/N]` kuwa ƙi ne. Na taɓa zama kusa da wani matashi wanda yake danna `Enter` duk lokacin da allo ya tsaya, yana cewa yana so ne ya ga abin da ke gaba, bai san cewa hannu yake sa wa a kan kowace tambaya ba. Fassarar da ba ta faɗi wannan ba ta bar mai karatu a bakin rijiya.

Ɗabi'ata ita ce in bar hoton yadda yake, in sa lambobi 1, 2, 3 a gefen layuka, in jera bayanin Hausa a ƙasa. Ta haka ɗalibi yana iya gwada abin da ke takardarsa da abin da ke allonsa, harafi da harafi.

Tambaya: Layukan da suka fara da `W:` da `E:` duk "kuskure" zan fassara su?

Amsa: A'a. `W:` gargaɗi ne, sau da yawa aiki yana ci gaba, `E:` kuwa kuskure ne da yake tsayar da aiki. Idan ka ga `Permission denied` a layin `E:`, ka rubuta "an hana izini", galibi an manta `sudo` ne. Ka bar asalin saƙon kusa da fassarar, domin da shi ake neman magani a intanet.

Tambaya: Daga Maraɗi nake, allona yana nuna `[O/n]`. Na'urata ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, an saita ta a Faransanci ne, `O` kuma na "oui" ne. Ka lura cewa `sudo apt remove` bai canza ba ko a can.

Tambaya: Na kwafi `ls --all` daga takardar Word da aka fassara, ya ƙi aiki.

Amsa: Mai yiwuwa Word ya haɗe gajerun layuka biyun, wato `--`, zuwa dogon layi ɗaya. Ka goge, ka buga su da hannunka.