Sukari gram 11 a kan kwalbar lemo: na duka kwalbar ne?

Tambaya: "Ga hoton bayan kwalbar lemon da nake sha. An rubuta Sugars 11g, Energy 45 kcal. Ke nan ɗan sukari ne a ciki?"

'Yar'uwa, duba saman layin da lambobin suke. A hotonki an rubuta "Per serving 100ml", kwalbar kuma 50cl ce, wato mililita 500. Kashi biyar ke nan a kwalba ɗaya, kuma wa ke shan kashi ɗaya ya rufe ya ajiye? In kin shanye ta, sai ki ninka da biyar: sukari gram 55, kalori 225. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kusan gram 4, don haka kin sha wajen cokali 14. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato kamar gram 50 ga mai cin kalori 2,000. Kwalba ɗaya ta wuce da shi.

Kada ki ɗauki lambar kJ, wani ma'aunin kuzari da ake rubutawa kusa da kcal, a matsayin kalori, domin ta ninka lambar kalori fiye da sau huɗu. In kina da ciwon suga, ki kai wa likitanki hoton, domin layin "Carbohydrate" ma yana cikin lissafi.