Saƙon da direba zai same ka da shi a Kwari

"Baƙuwata ta gama sayayya a Kantin Kwari, direba na ta zagaye bai gan ta ba. Me zan rubuta masa?"

Malam, kar ka ba shi sunan layi ko lambar shago. Mota ba ta kutsa can, masu kura da 'yan dako sun cika hanya. Baƙuwar ta fara fitowa bakin titi, ta tsaya wurin da ake hangowa daga cikin mota, kamar ƙofar banki. Gindin mai rake ko mai lemo ba kwatance ba ne, yanzu zai tura baronsa ya yi gaba.

Sai ka rubuta: "Malam direba, biyo titin IBB daga wajen Ƙofar Mata. Hajiya na tsaye a hannunka na dama, ƙofar banki kaza. Mayafinta ruwan toka ne, dilar atamfa biyu a gabanta. Kira ta kafin ka iso."

Faɗin ta inda zai ɓullo shi ne jigon saƙon, don dama da hagu suna juyawa in ya zo ta ɗaya ɓangaren. Ita ma tura mata launin motar da lambarta, kuma ɗan dako ya riga ya sauke kayan, saboda in direba ya daɗe tsaye 'yan KAROTA na iya kama shi.